D7 a lissafi: shekarar da na rasa da abin da ta canza mini

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan, kuma abin da ya tura ni yau shi ne ƙanena da ya zo mini da takardun tambayoyin lissafi na shekarun baya, yana karanta amsoshin da ke bayan littafin yana gyaɗa kai, kamar yadda na yi a shekarar da na faɗi.

Na gama sakandare a ajin kimiyya da niyyar karanta ilimin harhaɗa magunguna. A jarrabawar JAMB darussan da wannan fanni yake buƙata su ne Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, babu lissafi a cikinsu, kuma na samu maki 238 cikin 400. Gidanmu kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da sakamakon WAEC ya fito, na samu kiredit a darussa bakwai, amma a gaban lissafi aka rubuta D7. Na ce a raina NECO za ta fitar da ni, sai ita kuma ta zo da E8. Sharaɗin shiga jami'a kiredit biyar ne, kuma dole a cikinsu a samu Turanci da lissafi, saboda haka sauran bakwai ɗin ba su iya ɗaukar nauyin wannan ɗaya ba. Makin JAMB kuma na shekara guda ne, idan ba a yi amfani da shi ba ya tafi.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, sannan ya fita masallaci. Na san buhunan masara nawa aka sayar aka biya kuɗin jarrabawar biyu, kuma wannan shirun ya fi mini zafi a kan kowace irin magana. Wajen wata uku na daina zama a majalisar unguwarmu, domin hirar duk ta koma ta rajista da ɗakin kwana a jami'a. Idan na hango wani ɗan ajinmu, sai na sake hanya.

A waɗannan watanni ina da bayani guda da nake ba kaina da duk wanda ya tambaye ni: an yi kuskure wajen makin takardata. Na yi imani da haka har zuciyata, domin na san na yi karatu. Na bi tambayoyin shekaru goma na baya, kuma babu wata tambaya da na gani a zauren jarrabawa da ban taɓa ganin irinta ba.

Wanda ya rushe mini wannan bayani wani dattijon malami ne mai ritaya a unguwarmu, wanda kawuna ya haɗa ni da shi. Bai yi gardama da ni ba. Ya samo takardar tambayoyin shekarar da na faɗi, ya zaunar da ni a zaurensa bayan sallar asuba, ya ba ni fararen takardu da kalkuleta, ya ajiye agogo, ya ce awa biyu da rabi. Takardar da na riga na zauna sau ɗaya ce, amma da lokaci ya cika tambayoyi bakwai na taɓa cikin goma da ake so. Da ya yi maki na samu 34 cikin 100. Ya nuna mini wurare huɗu da amsata ta ƙarshe daidai ce amma ya ba ni sifili ko abin da bai fi maki ɗaya ba, saboda na yi aikin a gefen takardar tambaya na kwafo amsar kaɗai. Ya nuna mini tambaya guda da na ɓata mata minti arba'in. Ya kuma nuna mini uku da na fara layi biyu na tsaya, ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni. Na ce na san su, layi na gaba ne kawai ya ɓace mini. Ya ce to ai layi na gaba shi ne lissafin.

Abin da na gane a ranar shi ne, shekara biyu ina karanta lissafi da ido, ban taɓa yin sa da hannu littafi a rufe ba. Idan na karanta tambaya na duba yadda aka warware ta, kowane mataki yana yi mini daidai, sai na ɗauki wannan jin a matsayin iyawa. Gani ba ci ba ne. Na iya gane hanya idan wani ya bi ta a gabana, amma ban iya samo ta ni kaɗai ba, kuma jarrabawa wannan na biyun take nema.

Na sake zama ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara ta gaba na samu B3. Sai dai jami'ar da nake so tana neman kiredit ɗin fannin magunguna a zama ɗaya, ni kuwa lissafi da darussa kaɗan na mayar da hankali a kai, ina dogaro da haɗa sakamako biyu. Ƙarshe kemistiri na karanta, yanzu ina aiki a ɗakin gwajin ingancin ruwa. Ba zan ce muku na daina tunanin wancan fannin ba. Amma tun daga zauren dattijon nan ban sake cewa na san abu ba sai na rufe littafi na fitar da shi a takarda, kuma haka nake yi har a wurin aiki idan aka kawo sabuwar hanyar gwaji. Ina son in ji daga waɗanda suka bi ta irin wannan hanya, ko abin da ya same ni ya yi kama da nasu.

Bakatsine:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta da kyau, amma ina ganin ka ɗora wa kanka laifin da ya wuce naka. D7 daga maki 45 zuwa 49 ne, C6 kuma daga 50 ya fara. Ke nan mai yiwuwa maki ɗaya ko biyu ne suka raba ka da kiredit, kuma wannan ba rashin iyawa ba ne, rashin sa'a ne. Da ka nemi a sake duba takardarka wataƙila da yanzu kana inda kake so. Batun zama ɗaya kuma ban yarda ba, domin ni kaina da WAEC da NECO na haɗa na shiga jami'a, babu wanda ya tambaye ni komai.

Malamin Lissafi:

Malam Bakatsine, rabin maganarka daidai ne. Jadawalin nan na 45 zuwa 49 shi ne wanda makarantu suke koya wa ɗalibai, amma ɗalibi ba ya ganin makinsa a sakamako, daraja kawai yake gani. Darajar kuma ta haɗa takardar zaɓi da takardar nuna aiki, har da makin aji da makaranta take turawa. Babu yadda za a yi mutum ya dubi D7 ya ce maki ɗaya ne ya rage masa. Haɗa sakamako biyu kuwa jami'o'i da yawa suna karɓa a yawancin fannoni, amma a likitanci da wasu fannonin lafiya akwai masu sharaɗin zama ɗaya, shi ya sa ake cewa ɗalibi ya duba sharaɗin jami'ar da fannin kafin ya yi rajista, ba bayan sakamako ba. Wane fanni ka karanta da ka haɗa?

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da lissafi, kuma na sha zama wurin makin takardu, saboda haka bari in yi bayanin abin da dattijon nan ya nuna wa Ɗan Zazzau, domin yawancin ɗalibai suna shiga zaure ba su san shi ba. Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne a awa ɗaya da rabi. Ta biyu maki 100 ce a awa biyu da rabi: kashi na farko tambayoyi biyar na dole masu maki 40 gaba ɗaya, kashi na biyu kuma ɗalibi ya zaɓi biyar, kowace da maki 12. A wannan takarda ta biyu mai maki ba amsa yake nema da farko ba. Akwai makin hanya, wanda muke rubuta M a gefensa, akwai makin daidaiton amsa mai A, sannan akwai B na abin da yake tsaye da kansa, kamar zane. Makin A yana rataye ne a wuyan makin M. Idan hanyar ba ta bayyana a takarda ba, amsa daidai ba ta da inda za ta tsaya. Idan kuma hanya daidai ce hannu ya zame a ƙarshe, makin hanyar yana nan.

Ga misali irin wanda ɗalibai suke guje wa, na lissafin fuskar tafiya da muke kira biyarin a aji. Mutum ya tashi daga P ya yi tafiyar kilomita 8 a kan 060° zuwa Q, daga nan ya yi kilomita 6 a kan 150° zuwa R. Ana son nisan P zuwa R, da fuskar R daga P, zuwa digiri mafi kusa. Abu na farko zane ne, da layin arewa a P da wani a Q, kuma wannan zane kaɗai yana da makinsa ko da ɗalibi bai ƙara komai ba. Daga zanen za a ga cewa idan ka tsaya a Q ka waiwayi P kana kallon 240°, wato 60 da 180. Tsakanin 240 da 150 akwai 90, ke nan kusurwar Q mai digiri 90 ce. Daga nan aikin ya yi sauƙi, idan muka kira kusurwar da ke P tsakanin PQ da PR θ:

```
PR² = 8² + 6² = 100
PR = 10 km
tan θ = 6/8,  θ = 36.87°
060° + 36.87° = 096.87° ≈ 097°
```

Ɗalibin da ya yi wannan a gefen takardar tambaya ya kwafo 10 da 097° kawai ya zubar da mafi yawan makin da ya riga ya yi wa aiki. Wanda kuma ya zana, ya nuna 90 ɗin, ya rubuta layin farko, sannan ya yi kuskuren tarawa, ya fi shi maki nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a wurin maki shi ne takardar yaron da kake gani ƙarara ya fahimta, amma ba ka da ikon ba shi abin da bai rubuta ba.

Bakatsine:

Kimiyyar siyasa na karanta, Malam, kuma na karɓi gyara a kan zama ɗaya. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ba duk wanda ya faɗi ne ya cancanci faɗuwa ba. A makarantarmu zango biyu cur muka yi babu malamin lissafi a aji biyu na babbar sakandare. Wa zai gaya wa yaro cewa akwai wani maki na hanya, alhali hanyar ma ba a koya masa ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malamin Lissafi:

A nan ba ni da ja. Ajin da nake koyarwa bana ya haura ɗalibai tamanin, kuma ba zan iya duba aikin kowa layi bayan layi a kowane mako ba, alhali wannan dubawar ce take nuna wa yaro inda yake zamewa. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a bar yaro da tunanin cewa kuskuren mai maki ne, domin wanda ya yarda da haka zai sake shiri irin na farko, ya sake samun irin sakamakon farko.

Maman Biyu:

Ɗan Zazzau, ƙanena, labarinka ya taɓa ni, amma ina son ka lura da wani abu da ka samu wanda ba kowa yake samu ba: an ba ka shekara ta biyu. Ni ma lissafi ne ya kayar da ni, F9 ma kuwa, ina son shiga makarantar koyon aikin jinya. Mako biyu bayan fitowar sakamako aka fara maganar aure a gidanmu, kuma ba da mugunta ba, iyayena sun ga cewa an gwada boko bai karɓe ni ba, zaman me zan yi? Yayana da ya faɗi shekara biyu kafin ni an sake biya masa har sau biyu, babu wanda ya ce boko bai karɓe shi ba.

Sai da na haifi ɗana na fari na sake zama, da taimakon maigidana. Ina karatu tsakanin sallar isha'i da lokacin da yaro zai farka, kuma da yake lokacin kaɗan ne, ban iya bin littafi daga farko zuwa ƙarshe ba. Wata maƙwabciyata malama ta ce in zaɓi fannoni kaɗan da suke yawan fitowa in iya su sosai, kamar ƙididdiga da zana jadawali da lissafin riba da kashi cikin ɗari, in bar abin da ya fi ƙarfina. Na samu C6, kuma da shi na shiga. Abin da faɗuwar ta canza mini ba yadda nake karatu ba ne kawai. Na yi wa kaina alkawari cewa 'yata ba za a yanke mata hukunci da zama ɗaya ba, kuma tun tana aji ɗaya na fara ajiye kuɗin zama na biyu a adashi, ko da ba za a buƙace shi ba.

Ɗan Zazzau:

Yaya, gaskiya kika faɗa, kuma ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. A ajin 'yan mata na shekararmu na san aƙalla biyu da suka fi ni ƙoƙari a kemistiri, kuma ban sake jin labarin karatunsu ba bayan sakamako. Ina ta lissafa shekarar da na rasa, ban lissafa cewa an bar ni na rasa ta na dawo ba.

Shawarar maƙwabciyarki ta yi kama da wadda dattijon ya ba ni, sai dai shi ya ƙara da batun lokaci. Ya ce maki 100 a minti 150 yana nufin minti ɗaya da rabi ga kowane maki, ke nan tambayar kashi na farko kimanin minti 12, ta kashi na biyu minti 18. Idan lokacin tambaya ya cika, in bar fili in wuce, ko da ina jin saura kaɗan. Wannan ya fi komai yi mini wuya, domin barin tambaya a tsakiya yana kama da amincewa da kaye. Amma makin farkon kowace tambaya, wato zane da rubuta dabarar da sa lambobi a cikinta, shi ne mafi arha, kuma minti arba'in ɗin da na ɓata a kan tambaya guda sun hana ni ɗibar wannan arha a tambayoyi uku.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa gare ku duka. Ni abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya mutum zai ci darussa bakwai a ce ya faɗi? Ko dai lissafin ne yake da nauyi mai yawa har ya ja matsakaicin makinka ƙasa? A wajenmu a Nijar, a jarrabawar Bak ta kammala sakandare, kowane darasi ana ninka makinsa da nauyinsa, a tara, a fitar da matsakaici a kan 20, kuma wanda ya kai 10 ya samu. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi zagaye na biyu a cikin 'yan kwanaki. Ni na faɗi a karon farko saboda falsafa da Faransanci, na maimaita aji, a shekara ta biyu tarihi ya ɗaga ni duk da falsafar ba ta gyaru sosai ba.

Malamin Lissafi:

Ɗan'uwa na Maraɗi, a nan ba a fitar da matsakaici ko kaɗan. Kowane darasi yana tsaye da ƙafarsa, kuma A1 a kemistiri ba ya ƙara wa lissafi ko rabin maki. A takarda ma Ɗan Zazzau bai faɗi jarrabawar ba, domin D7 ana kiran sa fas, ƙofar jami'a ce kawai ba ta buɗuwa da shi. Tsarinku yana barin ƙarfin ɗalibi ya rufe rauninsa, namu kuma yana tilasta masa ya fuskanci raunin. Na ga ɗaliban da tsarinku zai yi wa adalci fiye da namu, musamman masu son karanta harshe ko shari'a da lissafi ya tsare shekara biyu ko uku. Amma wanda zai auna magani ko ya haɗa sinadari, ni dai ina son a tabbatar ya iya lissafin kashi da rabo kafin a sake shi.

Na Bakin Kasuwa:

Ni ina ganin duk wannan dogon bayani ne a kan abin da Allah ya riga ya rubuta. Rabonka ba ya cikin magunguna, shi ke nan. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga waɗanda suka wuce a shekararku ba hanya suka nuna ba, wuraren da ake rubuta musu amsa a allo suka je. Kai ka zauna ka wahala shekara guda, su kuma suna aji biyu a jami'a. Wa ya ci riba?

Ɗan Zazzau:

Malam, na yarda da ƙaddara, kuma ita ce ta sa na iya kallon mahaifina a ido daga baya. Amma a watanni ukun farko na yi amfani da kalmar ƙaddara ne don kada in duba takardata, kuma wannan ba tawakkali ba ne. Sababin faɗuwata yana nan a rubuce da hannuna, layi biyu sannan fili.

Batun waɗancan wurare kuma an kawo mini shi. Wani abokina ya zo har gida ya faɗa mini kuɗin da ake biya, kuma na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni ba ƙarfin hali ba ne kawai, kunyar dattijon nan ce, wanda yake tashi ya zauna da ni kowace asuba ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Amfanin hakan ya bayyana mini a shekarar farko ta jami'a, domin duk ɗalibin kimiyya sai ya yi kwasa-kwasan lissafi a aji ɗaya, kuma a can na ga masu A1 da B2 a takarda suna maimaita kwas. Ban ce duk wanda ya bi ta can ya lalace ba, na san wasu da suka gama lafiya suna aiki. Tambayarka ta wa ya ci riba ba ni da amsar da za ta gamsar da kai a kanta. Abin da na sani shi ne idan na sa hannu a kan sakamakon gwajin ruwa, na san yadda lambar ta fito.

Hajiyar Gwammaja:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa matsalar. Ɗana ne sakamakonsa ya fito da E8 a lissafi, yau kwana goma sha ɗaya ba ya fita sai masallaci, abinci ma sai na matsa. Mahaifinsa yana son a yi masa rajistar ta ƙarshen shekara nan take, ni kuma ina tsoron kada ya sake faɗuwa abin ya fi haka muni. Malam, me kake gani?

Malamin Lissafi:

Hajiya, Allah ya ba shi haƙuri. Kada a yanke shawarar rajista kafin a auna shi. A samo takarda ta biyu ta wata shekarar baya, a zaunar da shi awa biyu da rabi babu littafi babu waya, sannan a kai wa malamin da ya san rabon maki ya duba. Abin da za a nema ba jimillar ba ce kawai, a duba inda makin ya zube. Idan yana fara tambayoyi daidai amma yana tsallake matakai, ko yana taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki, ko yana manta rubuta ma'auni kamar kilomita da naira, ko lokaci yana ƙare masa, wannan gyaran makonni ne, kuma zai iya zama ta ƙarshen shekara. Idan kuwa aka ga yana tuntuɓe a haɗa ɓangarorin lamba, ko alamar ragi tana juye masa idan ya buɗe baka, ko ba ya iya mayar da tambayar magana zuwa lissafi, to ramin yana can ƙaramar sakandare, kuma wata biyu ba za su cike shi ba. A irin wannan hali gara a jira zama na gaba, a koma littafin aji ɗaya da biyu ba tare da jin kunya ba.

Maman Biyu:

Hajiya, ni kuma zan ƙara da cewa kada a kawo masa takardar gwajin nan a wannan makon. Yaron da ba ya cin abinci ba zai nuna abin da ya iya ba. A fara samun wanda yake jin maganarsa, kawu ko wani yayansa da ya taɓa faɗuwa, ya riƙa fita da shi. Idan kuma rashin cin abincin da rashin barci suka ci gaba, ko ya fara maganganun da suka tayar miki da hankali, a kai shi asibiti, ba a jira.

Malamin Lissafi:

Na yarda da ke a kan hali, amma rajista tana da ranar rufewa, kuma jiran da ya wuce mako biyu zai iya yanke musu shawarar da ba su yanke ba. Hajiya ce ta san ɗanta, ita za ta auna.

Ɗan Zazzau:

Hajiya, ni wata uku na yi kafin a zaunar da ni, kuma ina ganin ya yi yawa, amma kwana goma sha ɗaya da an kawo mini takarda da ban taɓa ta ba. Abin da ya fara fitar da ni daga ɗaki shi ne kawuna da ya ce yana buƙatar mai rubuta masa littafin bashi a shagonsa, ya kuma nuna mini da gaske yake buƙata. Ranar da za a gwada shi, kada mahaifinsa ya zauna a wurin, kuma makin ya tsaya tsakaninsa da malamin har sai shi ya ga damar faɗa.

Bakatsine:

Malam, na ɗauki biro na gwada tambayarka ta P da Q da R ba tare da na kalli aikinka ba. Nisan ya fito mini 10 daidai, amma fuskar 023° na samu, ba 097° ba. Na sake bi sau biyu, 36.87 ɗin nan dai shi nake samu. Ina na kauce?

Malamin Lissafi:

Ka yi zane kafin ka fara?

Bakatsine:

Ban yi ba, a ka na ɗauko shi.

Malamin Lissafi:

To daga nan ne. Ka cire 36.87 daga 60, alhali tarawa ake yi. Mutumin da yake tafiya a kan 060° ya koma 150° ya juya ne zuwa damansa, wajen kudu maso gabas, saboda haka R tana ƙasa da layin PQ, kuma kusurwar daga arewa ƙaruwa take yi. Amsarka ta 023° tana nufin ya juya hagu ya nufi arewa. Da ka zana layin arewa a P ka ja layukan biyu, da idonka ya nuna maka cewa R tana kusan gabas sak da P, ɗan ƙasa kaɗan, kuma gabas 090° ce. A wurin maki da ka samu na nisa da na kusurwar 36.87, ka rasa na zane da na matakin ƙarshe. Ka zana shi yanzu ka turo hoton in duba inda ka sa layin arewa na Q.